Layin da Ke Yin Ja da Kansa: Yadda Excel Ke Nuna Bashin da Wa'adinsa Ya Wuce

Duk ɗan kasuwar da ke bayar da kaya bashi ya san cewa rubuta bashin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce tuna ranar da kowa ya yi alkawarin biya. Mai sayar da kayan masarufi a sari, irin na Kasuwar Singa a Kano, zai iya samun mutum ɗari ko fiye a littafinsa, kowa da ranarsa. Ko da an kwashe littafin an zuba shi a Excel, sai wani ya zauna kullum da safe yana bin kwanakin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa wa waɗanda suka wuce launi da hannu. Ranar da ya manta, ko ya yi tafiya, bashin sai ya kwanta.

Excel na da hanyar yin wannan aiki da kansa. Ana rubuta masa ƙa'ida guda ɗaya, daga nan duk layin da wa'adinsa ya wuce sai ya yi ja daga farkonsa har ƙarshensa, kuma gobe idan aka buɗe fayil ɗin zai sake duba kwanakin ba tare da an taɓa komai ba. Sunan abin a allo Conditional Formatting, kuma yana cikin Excel tun fitowar 1997. Fomular ba ta kai rabin layi ba, amma nasararta ko lalacewarta ta rataya ne a kan wata ƙaramar alama, wato alamar dala, da kuma inda aka ajiye ta.

Littafin da za mu yi aiki da shi

A Excel, layukan da ke kwance suna da lambobi, ginshiƙan da ke tsaye kuma suna da haruffa. Inda layi ya haɗu da ginshiƙi shi ne gida, kuma sunansa harafi ne da lamba, kamar E2.

Mu ɗauka littafin bashin yana da ginshiƙi shida. A na lamba ne, B na mai karɓar kaya, C na kayan, D na kuɗi, E na ranar biya, F kuma shi ne inda ake rubuta "An biya" idan mutum ya sauke nauyinsa. Layi na 1 na kanun ginshiƙai ne, saboda haka bayanai sun fara daga layi na 2. Mu ƙaddara yau 15 ga Mayu, 2025.

A layi na 2 akwai mai shayi da ya karɓi buhun sukari, zai biya 2 ga Mayu, bai kuwa biya ba. A layi na 3 mai kanti ne da katan goma na taliya, ranarsa 10 ga Mayu, kuma ya biya. Layi na 4 mai gidan biredi ne da buhu biyu na fulawa, ranarsa yau ɗin nan, 15 ga Mayu. Layi na 5 mai sayar da abinci ce da buhun shinkafa, sai 20 ga Mayu. Layi na 6 mai tireda ne da katan ɗin sabulu, ba a riga an yanka masa rana ba, don haka gidan E6 babu komai a ciki. Da ido kowa zai ga cewa layin mai shayi kaɗai ya kamata ya yi ja. Abin da ya rage shi ne a sa Excel ya gane haka.

Kwanan wata lamba ce

Excel ba ya ajiye kwanan wata a matsayin rubutu. Lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900, wadda ita ce lamba 1. A wannan lissafi, 1 ga Janairu, 2025 ita ce 45658. Ranar mai shayi, 2 ga Mayu, ita ce 45779, yau kuma 45792. Akwai wata fomula mai suna TODAY() da ke ɗauko kwanan yau daga agogon kwamfuta ta mayar da shi irin wannan lamba. Tambayar "shin wa'adi ya wuce?" a wurin Excel tana nufin "shin lambar da ke E ta gaza lambar yau?" Tunda 45779 bai kai 45792 ba, amsar mai shayi ita ce TRUE, wato gaskiya ne. Duk gidan da amsarsa ta fito TRUE shi ake shafa wa launi, wanda ya fito FALSE kuma a bar shi yadda yake.

Matakan kafa ƙa'idar

Da farko a danna gidan A2, a ja har zuwa F200, ko duk inda ake zaton littafin zai kai. Daga sama ta hagu ake farawa, kuma ba a haɗawa da layin kanu. Sai a je Home, a danna Conditional Formatting, a zaɓi New Rule, sannan a zaɓi na ƙarshe a jerin, wato Use a formula to determine which cells to format. A akwatin da ya bayyana sai a rubuta:

```
=$E2<TODAY()
```

Daga nan a danna Format, a shiga Fill, a zaɓi ja mai haske wanda ba zai rufe rubutu ba, a danna OK sau biyu.

Abin da ke faruwa bayan haka shi ne zuciyar maganar. An rubuta fomula sau ɗaya, amma wurin da aka zaɓa yana da gida 1,194, wato layi 199 sau ginshiƙi 6. Excel yana ɗaukar cewa fomular ta gidan farko ce, A2. Sai ya bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya yana gwada ta, kuma duk inda ya matsa, sunan gidan da ke cikin fomular yakan matsa tare da shi. Idan ya sauka layi ɗaya, lamba ta ƙaru da ɗaya. Idan ya matsa dama, harafi ya koma na gaba. Alamar dala ce kaɗai ke hana wannan matsawa, kamar turken da ake ɗaure dabba a kai: abin da ta tsaya a gabansa ba ya motsi.

A cikin $E2 an ɗaure harafin E, an saki lambar 2. Saboda haka idan Excel ya zo A2, zai duba E2. Ya matsa B2, C2, har F2, duk dai E2 yake dubawa, domin harafin a ɗaure yake. Gidaje shida, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, shi ya sa layin ke yin ja baki ɗayansa. Idan ya sauka layi na 3, lambar da ke sake sai ta biyo shi, gidaje shidan su duba E3. Irin wannan suna, rabi a ɗaure rabi a sake, shi ne abin da aikin ke buƙata: kowane layi ya dubi tasa ranar, amma a ginshiƙi guda.

Idan dalar ta sauka inda bai dace ba

Hanya huɗu ake iya rubuta sunan gida, kuma kowace tana barin irin nata tabo a allo. Wanda ya san tabon zai gane matsalar da kallo ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne $E$2, kuma Excel da kansa ke jawo shi. Idan mutum yana cikin akwatin ƙa'ida ya danna gidan E2 da linzami maimakon ya rubuta, Excel zai saka dala biyu. A nan harafi da lamba duk a ɗaure suke, don haka gidaje 1,194 ɗin nan duk ranar mai shayi za su duba. Tunda ranarsa ta wuce, littafin gaba ɗaya zai yi ja. Da a ce ranarsa ba ta zo ba, ko gida ɗaya ba zai canza launi ba. Alamar wannan kuskure ke nan: ko duka, ko babu.

Na biyu shi ne E2 babu dala ko ɗaya. Gidan A2 zai duba E2, daidai ke nan. Amma B2 zai matsa ya duba F2, C2 ya duba G2, D2 ya duba H2, haka har ƙarshe. Ginshiƙan G zuwa J babu komai a cikinsu, kuma Excel na ɗaukar gidan da ba kowa a matsayin sifiri, sifiri kuwa ya gaza lambar yau. Sakamakon shi ne ginshiƙin A kaɗai ke faɗin gaskiya, B yana bin abin da ke F, daga C zuwa F kuma ja ne daga sama har ƙasa, har da layin mai abinci da ranarta ba ta zo ba.

Na uku shi ne E$2, inda aka ɗaure lamba aka saki harafi. A nan launin zai riƙa sauka a tsaye, ginshiƙi sukutum, domin kowane ginshiƙi yana kallon gida ɗaya ne a layi na 2. Da zarar an ga launi na bin tsaye maimakon kwance, an juya dalar.

Gyaran duka ukun ɗaya ne. A ajiye alamar rubutu a kan sunan gidan a cikin fomula, a danna maɓallin F4. Kowane dannawa yana juya shi: $E$2, sai E$2, sai $E2, sai E2. A tsaya a kan $E2. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da maɓallin Fn. Haka kuma, a cikin wannan akwati maɓallan kibiya ba sa matsar da alamar rubutu, sunayen gidaje suke cusawa cikin fomula. A danna F2 tukuna, sai su yi aikin da aka saba.

Akwai wani kuskure da ba na dala ba ne amma ɗan'uwansa ne. Idan aka zaɓi wuri tun daga layin kanu, wato A1, amma aka rubuta $E2, to layi na 1 zai duba E2, layi na 2 ya duba E3, kowa yana kallon ranar na ƙasa da shi. Launin zai zame da layi ɗaya, kanu ya yi ja saboda ranar mai shayi. Wannan ya fi sauran haɗari, domin allon yana kama da mai gaskiya, kuma zai iya sa a je wa wanda bai makara ba da maganar bashi. Dokar ita ce lambar da ke cikin fomula ta yi daidai da layin farko na wurin da aka zaɓa. Ana tabbatar da haka a Conditional Formatting, Manage Rules: idan Applies to ya nuna =$A$2:$F$200, to fomula ta ce $E2.

Wanda ya biya da wanda ba shi da rana

Ko da dalar ta zauna daidai, fomular farko ba ta gama aiki ba. Idan aka duba littafin za a ga mai shayi ya yi ja, daidai. Amma mai kanti ma ya yi ja alhali ya biya, domin ba a gaya wa Excel ya duba F ba. Mai tireda ma ya yi ja, tare da duk layukan da ba a rubuta komai ba har zuwa na 200, saboda dalilin da ya gabata: gidan da ba kowa sifiri ne. Saboda haka sai a haɗa sharaɗi uku a ƙarƙashin AND, wadda ba ta cewa TRUE sai dukkansu sun cika:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<TODAY(),$F2<>"An biya")
```

Sharaɗin farko yana tambaya ko akwai lamba a E, wato kwanan wata na gaske. Na biyu yana tambaya ko ranar ta wuce. Na uku yana tambaya ko abin da ke F ya saɓa da "An biya". A lura cewa F ma an ɗaure harafinsa an saki lambarsa, bisa hujja ɗaya da E. Yanzu mai shayi ya cika duka ukun, ya yi ja. Mai kanti ya faɗi a na uku. Mai biredi da mai abinci sun faɗi a na biyu. Mai tireda da layukan da ba komai sun faɗi tun a na farko.

Mai biredi yana buƙatar shawara daga mai shago, ba daga kwamfuta ba. Ranarsa yau ce, kuma alamar < ba ta kama shi, sai gobe. Wannan ya dace da yadda ake mu'amala, domin wanda ya ce zai biya Alhamis yana da damar kawowa har a rufe shago. Wanda yake son layi ya yi ja tun safiyar ranar sai ya rubuta <= a madadinta.

Sharaɗi na uku yana da nasa rauni. Excel ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a irin wannan kwatanci, don haka "an biya" da "AN BIYA" duk za su wuce. Amma idan yaron shago ya rubuta "Ya biya", ko ya bar tazara ɗaya a bayan kalmar, layin zai ci gaba da zama ja. Maganinsa shi ne a je Data, Data Validation, a zaɓi List, a sa "An biya" ya zama abin da ake zaɓa, ba abin da ake rubutawa ba.

Kwanan watan da ba kwanan wata ba

Wannan matsala ce da ke damun masu amfani da Excel a Najeriya. Mu muna rubuta rana kafin wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. A irin wannan kwamfuta, idan aka rubuta 25/04/2025, Excel zai nemi wata na 25 ya rasa, sai ya ajiye abin a matsayin rubutu kawai. Layin ba zai taɓa yin ja ba, ko da an shekara, domin ba lamba ba ce. Idan kuma aka rubuta 03/06/2025 ana nufin 3 ga Yuni, Excel zai karɓa ba gardama, amma a matsayin 6 ga Maris, sai layin ya yi ja tun wa'adi bai zo ba.

Nau'in farko yana da sauƙin ganewa. Idan ba a canza jeri da hannu ba, lamba takan jingina dama a cikin gida, rubutu kuma ya jingina hagu. Duk kwanan watan da ya raɓe hagu abin zargi ne, kuma =ISNUMBER(E2) zai tabbatar. Ana gyara su ta Data, Text to Columns, a mataki na uku a zaɓi Date sannan DMY. Nau'i na biyu kuwa, wanda ya riga ya juye, sai an koma takarda an gwada. Rigakafinsa shi ne a sa ginshiƙin E ya riƙa nuna sunan wata, ta hanyar Format Cells, Custom, a rubuta dd-mmm-yyyy. Da haka mai shigar da bayani zai ga 06-Mar-2025 nan take ya san ba abin da ya nufa ba ke nan. Mafi inganci kuma shi ne a gyara saitin yanki na kwamfutar tun farko.

Agogon kwamfuta ma abin dubawa ne. TODAY() ba ta da wata majiya sai shi. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya, kuma a ranar babu layin da zai yi ja. Idan aka buɗe littafi aka ga jan ya ɓace gaba ɗaya, a fara duba kwanan watan da ke kusurwar allo kafin a taɓa fomula.

Gwaji kafin a amince

Akwatin ƙa'ida ba ya nuna amsar da kowane layi ya bayar, launi kawai ake gani. Hanyar leƙa ciki ita ce a rubuta fomular a wani gida da ba a amfani da shi, kamar G2, a ja ta ƙasa. Za a ga TRUE ko FALSE a gaban kowane suna. Idan a misalinmu G2 kaɗai ya ce TRUE, fomula ta yi, sai a kwafe ta zuwa ƙa'ida a goge gwajin.

Ana kuma iya gwada gobe tun yau. A rubuta kwanan wata a H1, a sauya TODAY() da $H$1:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<$H$1,$F2<>"An biya")
```

A nan dala biyu ce daidai, domin kowane layi gida ɗaya tak ake so ya duba. Idan aka sa 16 ga Mayu a H1, mai biredi zai bi sahun mai shayi. Idan aka sa 21 ga Mayu, mai abinci ma ta shiga. Wannan tsari yana da amfani ko bayan gwaji, musamman idan ana son a ga yadda littafi zai kasance a ƙarshen wata.

Gargaɗi kafin rana ta zo

Da zarar an fahimci ƙa'ida ta farko, ta biyu ba ta da wuya. Ga wadda za ta shafa ruwan ɗorawa a kan duk bashin da ya rage kwana bakwai ko ƙasa da haka:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2>=TODAY(),$E2<=TODAY()+7,$F2<>"An biya")
```

Tunda kwanan wata lamba ce, ƙara 7 yana nufin ƙara mako ɗaya. A ranar 15 ga Mayu wannan zai kama mai biredi da mai abinci, sai a kira su a tuna musu cikin mutunci tun kafin magana ta yi nauyi. Ƙa'idojin biyu ba sa karo, domin rana ba za ta wuce kuma ta kasance ba ta zo ba. Amma inda ƙa'idoji biyu suka faɗa kan gida ɗaya da launi daban, wadda ke sama a Manage Rules ita ke rinjaye.

Fomulolin nan suna aiki a Google Sheets kamar yadda suke, ta Format, Conditional formatting, sannan Custom formula is. Masu karatu a Maraɗi, Damagaram ko Yamai da ke amfani da Excel na Faransanci za su tarar da abin a Mise en forme conditionnelle. Sunayen fomula sun bambanta, kuma ana raba sharuɗɗa da alamar ; maimakon waƙafi, amma dalar tana nan a wurinta:

```
=ET(ESTNUM($E2);$E2<AUJOURDHUI();$F2<>"An biya")
```

Abin da launi ba zai yi ba

Ƙa'idar tana tsayawa inda Applies to ya tsaya. Ranar da littafi ya wuce layi na 200, a koma a duba ko ta bi sababbin layukan, in ba ta bi ba a faɗaɗa ta. Kwafe gidaje daga wani fayil a liƙa ma yakan kawo ƙa'idojin can, ko ya yayyanka wadda ke nan gunduwa-gunduwa. Don kauce wa haka a riƙa liƙawa da Paste Special, Values, kuma lokaci-lokaci a buɗe Manage Rules, a zaɓi This Worksheet, a goge maimaici. Idan za a buga littafin a firinta mai baƙi da fari, jan zai koma toka-toka, don haka yana da kyau a haɗa da Bold a shafin Font lokacin zaɓen launi.

Launi kuma ba ya lissafi. Yana nuna wa ido wanda ya makara, amma bai san nawa ake bin su ba. Wannan aikin wata fomula ce da ake rubutawa a gida na daban, da sharuɗɗa iri ɗaya:

```
=SUMIFS(D2:D200,E2:E200,"<"&TODAY(),F2:F200,"<>An biya")
```

Idan jimillar da ta bayar ta yi daidai da kuɗin layukan da suka yi ja, to ƙa'ida da lissafi sun yarda da juna. Idan sun saɓa, a koma Manage Rules a duba abu biyu: ko dalar tana gaban harafi kaɗai, da kuma ko lambar da ke fomula ita ce ta layin farko a Applies to.